Na ba shi maganin tsutsa sau biyu, ciwon cikin bai tafi ba

Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara uku da wata huɗu, nauyinsa kilo 14. Kusan wata biyu ke nan yana kukan ciwon ciki, in na tambaye shi ina ne sai ya nuna cibiya. Ya fi yi bayan cin abinci, can kuma sai ya ware ya koma wasansa. Na ba shi maganin tsutsa har sau biyu ban ga canji ba. Yakan kwana huɗu ko biyar bai yi bayan gida ba, in zai yi sai ya laɓe bayan kujera ya matse ƙafafu yana nishi. Sau ɗaya na ga ɗan jini a jikin kashin. Kwanan nan kuma ina ganin kashi mai ruwa a wandonsa, har na fara tunanin sayo maganin tsayar da zawo. Ba ya amai, ba zazzaɓi. Ƙawata ta ce nata ɗan da ciwon ciki ya fara, ashe hanji ne ya toshe, sai da aka yi masa aiki. Tun ranar na kasa barci, ga ƙanwarsa 'yar wata takwas ita ma ina mata fargaba. Yaya zan gane?

Uwar yara biyu

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaro lafiya.

Maganin tsayar da zawon nan, kada ki saya. Da shi na fara don shi ne abin da zai iya ƙara dagula lamarin a cikin makon nan. Ban taɓa cikin yaron da hannuna ba, don haka ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma duk abin da kika zayyana ya fi kama da kashi ne ya taru ya cushe masa, ba tsutsa ba, ba kuma toshewar hanji irin ta ɗan ƙawarki ba. Hanjin da ya toshe da gaske ba ya barin yaro ya yi wata biyu yana ci yana wasa. Sa'o'i yake ɗauka, ko kwana ɗaya zuwa biyu, yaron ya fita hayyacinsa kowa ya gani.

Bari in nuna miki abin da nake zargin yana faruwa a cikinsa. Wata rana, watakila lokacin da kike koya masa hawa fo, ko bayan wani ɗan zazzaɓi da bai sha ruwa sosai ba, ya yi kashi mai tauri da ya yi masa zafi, har ya ɗan tsaga masa fatar bakin dubura. Jinin da kika gani a jikin kashin, ja wur ba gauraye da shi ba, yawanci daga irin wannan tsagar yake. Yaro ɗan shekara uku ba ya mance abin da ya ba shi zafi. Daga ranar, duk lokacin da kashi ya taso masa sai ya riƙe. Laɓewar nan da matse ƙafafu da nishi, iyaye da yawa suna ɗauka yunƙurin fitarwa yake. A'a, kokawar hana shi fita yake yi. Wanda zai fitar tsugunawa yake ya saki jiki. Wanda ya miƙe ƙafafu ya sanƙare, ko ya tsaya a kan yatsun ƙafa, riƙewa yake.

Shi kuwa babban hanji aikinsa tsotse ruwa daga kashi. Kowace rana da kashin ya ƙara kwana a ciki, ƙara bushewa yake da girma, ranar da zai fita dole kuma ya fi na baya zafi, yaron ya ƙara tsorata. A haka har ƙarshen hanjin, inda kashi ke jira kafin ya fita, ya buɗe kamar safar da aka daɗe ana cusa wa abu, ya daina jin cewa ya cika. Sabon kashi mai laushi da ke gangarowa daga sama sai ya tarar da dunƙule ya tare hanya, ya riƙa zurarowa ta gefensa yana ɓata wando ba tare da yaron ya sani ba. Wannan shi ne "zawon" da kike gani. Ki lura da shi: kaɗan-kaɗan ne, sau da yawa a rana, mai tsananin wari, mai danƙo, ba irin zawon da ke zubowa da yawa lokaci ɗaya ba. In kika ba shi maganin da ke tsayar da motsin hanji, kin ƙara wa ƙofar sakata ne. Kuma don Allah kada a dake shi ko a yi masa tsawa a kan wandon, wallahi bai ji fitarsa ba.

Ciwon da ke tasowa bayan cin abinci shi ma yana da dalili. Da zarar abinci ya sauka a tumbi, hanji yakan soma motsi don ya ba sabon abu wuri. Hanjin da ke cike yana matsawa a kan abin da ya ƙi gusawa, sai murɗa ta taso, ta yi 'yan mintuna ta lafa. Cibiyar da yake nunawa kuwa ba ta gaya mana komai sosai, ƙananan yara kusan duk ciwon ciki a cibiya suke nuna shi. Mu abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ciwon da ya yi nisa da cibiya ya tsaya wuri ɗaya, ko wanda ke tashin yaro daga barci.

Ki kai shi a duba shi cikin makon nan, ba sai da gudu ba. Likita zai shafa cikin, sau da yawa ana jin dunƙulen kashin a ƙasan cibiya ko gefen hagu, zai duba bakin duburar, ya auna nauyi da tsawo, ya duba bayansa da tafiyarsa. Zai tambaye ki ko yaron ya yi kashinsa na farko, baƙin nan mai danƙo, cikin sa'o'i 48 da haihuwa. Tambayar tana da muhimmanci, don akwai yaran da ake haifa wani yanki na ƙarshen hanjinsu babu jijiyoyin da ke sa shi motsi, su tun suna jarirai ake fama da su, ciki a kumbure, ba sa ƙiba. Wanda ya yi shekara biyu ko uku lafiya lau sannan abin ya fara, da wuya ya zama wannan. Yawanci ba a ma bukatar hoto.

Maganin hawa biyu ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. Hawa na farko a kwashe tsohon da ya taru. Wanda aka fi amincewa da shi a yau wani gari ne da ake kira makrogol, ana narka shi a ruwa a sha. Ba ya shiga jini, riƙe ruwa kawai yake a cikin hanji har dunƙulen ya jiƙa ya narke. Don kwashewa ana lissafa giram 1 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyin yaro a rana, na kwana uku zuwa shida. Ga ɗanki mai kilo 14, giram 14 zuwa 21 ke nan a rana. Ƙunshin garin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, akwai na yara akwai na manya, don haka likitan ne zai gaya miki ƙunshi nawa. Ki shirya wa abu ɗaya: kwana biyun farko ɓata wandon zai ƙaru, cikin ma zai iya ɗan ƙara murɗawa. Iyaye da yawa a nan suke tsorata su daina, su ce maganin ya sa masa zawo. Ba a gama ba sai kin ga manyan guntaye masu tauri sun fita, sannan abin da ke biyo baya ya zama ruwa-ruwa babu dunƙule.

Hawa na biyu ya fi tsawo, shi ne hana shi sake taruwa. Sai a rage garin zuwa kamar giram 0.4 zuwa 0.8 a kowane kilo, wato wajen giram 6 zuwa 11 a rana ga ɗanki, a riƙa ƙarawa ko ragewa har a sami kashi mai laushi, wanda ke fita ba nishi, kusan kullum. Inda ba a sami makrogol ba ana ba da laktulos, wani ruwa mai zaƙi, yaro mai shekarunsa yakan sha mililita 2.5 zuwa 10 sau biyu a rana. Yana ɗaukar kamar kwana biyu kafin ya fara aiki, kuma yana sa tusa da ɗan kumburi. Wannan hawan ba na mako ɗaya ba ne. Aƙalla wata biyu, sau da yawa ya fi haka, kuma ba a dainawa sai yaro ya yi wata guda cur babu matsala, sannan a janye a hankali. Dalili kuwa, hanjin da ya buɗe yana bukatar watanni yana zama wayam kafin ya koma girmansa ya dawo da jinsa, shi ma yaron yana bukatar ya yi kashi sau da dama ba zafi kafin tsoron ya bar shi. Na sha jin ana cewa kada hanji ya saba da magani ya zama malalaci. Waɗannan biyun ba sa yin haka. Abin da na fi gani da idona shi ne uwa ta daina bayan kwana goma don ta ga sauƙi, bayan wata guda mu sake haɗuwa da ita da yaron, mun koma gidan jiya.

Tare da maganin, ki riƙa zaunar da shi a fo minti biyar bayan kowane babban abinci, lokacin da hanjin ke motsi da kansa. In kan masai na zama yake hawa, a sa masa abin taka ƙafa yadda gwiwoyinsa za su ɗan fi ƙugunsa tsawo, don ƙafar da ke lilo ba ta barin yaro ya yi yunƙuri. Ki yaba masa a kan zaman, ko bai yi komai ba. Ruwa, 'ya'yan itatuwa da ganyayyaki suna taimakawa, in kuma yana shan madarar shanu fiye da rabin lita a rana a rage, don tana cika masa ciki ta hana shi cin sauran abinci. Amma in gaya miki gaskiya, da zarar kashi ya riga ya dunƙule har yana zurarowa, gyaran abinci shi kaɗai ba ya fitar da shi. Ki guji kuma tura masa sabulu ko ɗura masa wani ruwa ta dubura a gida. Yaron da tsoron wurin ne asalin matsalarsa, ƙara masa tsoro za ki yi, wasu abubuwan ma ƙona fatar hanji suke.

Yanzu batun tsutsa. Ban ce kin yi laifi ba, tsutsa tana sa ciwon ciki, kuma ita ce abin da kowa ke fara kawowa. Amma maganinta yana da ƙarfi a kan waɗanda suka fi yawa. Albendazol miligiram 400 sau ɗaya ga wanda ya kai shekara biyu, rabin haka ga ɗan wata 12 zuwa 23, ko mebendazol miligiram 500 sau ɗaya, yana kashe macijin ciki kusan duka. In an sha sau biyu ciwon yana nan yadda yake, to a nemi dalili a wani wuri, na uku ba zai yi abin da biyun suka kasa ba. Ƙanwar tasa kuwa ba ta isa shan wannan maganin ba sai ta cika shekara, sai dai in likita ya gani ya rubuta. Ga ƙananan yara kuma a murƙushe ƙwayar a haɗa da ɗan ruwa, kada a tura musu ita guda su shaƙe.

Tsutsotsin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan ƙanana farare kamar guntun zare, tsawonsu wajen santimita ɗaya, waɗanda ke fitowa bakin dubura da dare su saka ƙwai. Alamarsu ƙaiƙayi ne da rashin barci, ba ciwon ciki sosai ba. In kina zargi, ki haska wurin da tocila sa'a biyu ko uku bayan ya yi barci, za ki iya ganinsu suna motsi. Su ana ba duk mutanen gida magani, a maimaita bayan mako biyu, a yanke farce, a wanke zannuwan gado. Sai macijin ciki, dogo mai kama da tana, da kan kai santimita 15 zuwa 35, wanda ƙwansa ke shiga baki daga ƙasar da kashi ya gurɓata. In kaɗan ne ba a ma sanin yana nan. In ya yi yawa a cikin ƙaramin yaro yana hana shi ƙiba, kuma yana iya nannaɗewa ya zama ƙulli ya toshe hanji. Shi ya sa yaron da ya amayo tsutsa ko ya fitar da ita, sannan ga ciki a kumbure ga amai, ba maganin tsutsa za a ɗura masa a gida ba. Asibiti za a kai shi, a fara magance toshewar.

Ciwon da ƙwayoyin cuta ke kawowa yana da saurin ganewa ta wani fanni: sabo ne, na kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, kuma yana zuwa da rakiya, zazzaɓi ko amai ko zawo na gaske. Mafi yawan amai da gudawa na yara suna wucewa da kansu. Abin da ke ceton yaro shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, kurɓi-kurɓi, da zinki miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Antibayotik ba na kowane zawo ba ne, sai an ga jini a ciki ko likita ya ga wani dalili. Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, sau da yawa ciwon cikin yaro ba daga cikin yake ba. Ciwon maƙogwaro yana kumbura ƙananan ƙulluwan da ke kewaye da hanji su yi ciwo. Ciwon huhu da ya kama can ƙasa yana bayyana kamar ciwon ciki, sai ki ga yaron yana numfashi da sauri. Zazzaɓin cizon sauro da taifot suna yi, a inda ake samunsu. Mai sikila yana yi. Yaron da ke yawan shan ruwa da yawan fitsari yana ramewa, sannan ya zo da ciwon ciki da amai, a auna sukarinsa a ranar. Wanda kuma ya shafi ɗanki kai tsaye shi ne ciwon mafitsara, don hanjin da ya cika yana danne ta ya hana ta zubar da fitsari duka. In ya fara zazzaɓi, ko kuka wajen fitsari, ko fitsarin kwance bayan ya daina, a gwada fitsarinsa.

Afendis ba ya yawan kama masu shekara uku, amma in ya kama su yakan fashe kafin a gane, don ba sa iya bayani. Shi ciwonsa ba ya lafawa, ƙaruwa yake cikin sa'o'i, yana komawa ƙasan ciki ta dama, yaro ya ƙi abinci, ya kwanta shiru ba ya son motsi, in zai yi tafiya ya ranƙwafa. Ga ɗan gwajin da nake yi wa yara a ɗakin duba marasa lafiya, ke ma za ki iya: ki ce ya yi tsalle ya taɓo hannunki. Wanda ya yi tsalle sau uku yana dariya, da wuya a ce akwai abin da ya ƙone a cikinsa. Wanda ya ƙi, ko ya yi sau ɗaya ya dafe ciki, a duba shi yau.

To, ga abin da ya hana ki barci. Alamar toshewar hanji da nake so ki riƙe fiye da kowace ita ce koren amai. Ba ruwan ɗorawa ba, wanda yaro kan yi in cikinsa ba komai, kore sosai kamar ɗanyen ganye. Ruwan matsarmama ne, wanda ke zuba cikin hanji ƙasa kaɗan da tumbi. Hanyarsa ƙasa ce, in ya dawo sama da wannan launin, sai a ɗauka akwai abin da ya tare hanya har sai an tabbatar babu. A jariri musamman, yana iya nufin hanji ya murɗe a kan jijiyar da ke kai masa jini, kuma hanjin da jini ya yanke masa sa'o'i kaɗan yake jurewa. Koren amai ko sau ɗaya ne, ko da ƙarfe biyu na dare ne, asibitin da ke da likitan tiyata za a nufa. Sauran alamomin su ne amai da ya ƙi tsayawa, ciki da ke ƙara kumbura ya yi tauri yana ƙin taɓi, da ɗaukewar kashi da tusa gaba ɗaya. Ki lura da tusar, yaron da kashi ya cushe wa yana tusa, har ma fiye da kima, yana kuma cin abinci. Wanda hanjinsa ya toshe, ba ta sama ba ta ƙasa.

'Yar wata takwas ɗin ce ma ta fi kusa da shekarun irin toshewar da ta fi yawa a ƙananan yara, inda wani yanki na hanji ke zurmawa cikin na gabansa, kamar yadda hannun riga ke shigewa cikin kansa in an cire ta da gaggawa. Ya fi faruwa daga wata uku zuwa shekara uku, musamman kafin a cika shekara ɗaya, sau da yawa bayan ɗan mura ko zawo. Ba zan manta da wata yarinya ba, 'yar wata bakwai, ɓul-ɓul da ita. Uwar ta ce tun azahar take tsala ihu tana naɗe ƙafafu zuwa ciki, minti biyu ko uku, sai ta yi shiru, bayan kamar rubu'in sa'a ta sake. Lokacin da aka shigo da ita tana kwance lamo a kafaɗar uwar, har uwar tana ba ni haƙuri wai ta tashe mu a banza, ga shi ta yi barci. Ba barci ba ne. Leɓɓanta sun yi fari, na ɗaga hannunta na saki ya faɗi yaraf. Muna tsaye sai ta sake ƙanƙamewa. Hoton ciki na sikanin ya nuna zurmawar, aka tura iska ta dubura a ɗakin hoto hanjin ya warware, ba a yanka ta ba. Da sun bari sai da safe, da labarin ya iya zama na tiyata.

Wannan lafawar da ke tsakani ita ke yaudarar mutane. Bambancinta da ta ɗanki shi ne, shi in ciwon ya lafa yana komawa wasa da ƙarfinsa. Ita kuwa kowane zagaye yana barinta a galabaice fiye da na baya. Wani jaririn ma ba ya ihun, sai dai ya yi laushi kawai, ya ƙi nono, ido a lumshe. Kashin da ake yawan faɗa, jini gauraye da majina mai yauƙi, a makare yake zuwa, bayan hanjin ya fara jigata. Kada ki jira shi.

Abu ɗaya da ake mantawa: duk yaron da ke kukan ciwon ciki da amai, a cire masa wando ko kunzugu a duba matsematsinsa, namiji kuma har da marainansa. Kumburi a wurin wanda ya yi tauri, yana ciwo, ya ƙi komawa ciki, ƙaba ce ta shaƙe hanji. Maraina da ya kumbura farat ɗaya yana ciwo, ko da babu ƙaba, shi ma na gaggawa ne, ana maganar sa'o'i shida ne kafin ya lalace. Haka in kina zargin yaro ya haɗiye ƙaramin batir mai kama da maɓalli, ko maganaɗisu fiye da ɗaya, kada a jira wata alama.

In ɗaya daga cikin waɗannan ya faru, kada ki ba shi abinci ko abin sha a hanya, don watakila za a sa shi barci a yi aiki. Kada a ba da maganin kashi, ko na tsutsa, ko na tsayar da amai, kada a matsa cikin. Makrogol ɗin ma, in ana cikin shansa sai amai ya taso ciki ya kumbura, a dakata a koma wurin likita. Ki ɗauki hoton aman ko kashin da wayarki, ko ki tafi da tsumman da ya ɓaci, don "kore" a bakin uwa da "kore" a idon likita ba kullum suke zama ɗaya ba. Ki riƙe lokacin da abin ya fara da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, za a tambaye ki. A ranakun da ba na gaggawa ba, in ciwon ya dame shi, farasitamol ya isa: ga kilo 14, mililita 7.5 na ruwan da ke da miligiram 120 a kowace mililita 5, ba fiye da sau huɗu a yini da kwana ba. In kin ga kullum sai an ba shi, to lokacin komawa ya yi.

Kafin ranar ganin likitan, ki sami 'yar takarda ki riƙa rubuta ranar da ya yi kashi, taurinsa, girmansa, sau nawa wando ya ɓaci, da lokacin da ciwon ke tasowa. Ki ci gaba da rubutun bayan an fara magani, da shi za a san ko a ƙara garin ko a rage. In an yi mako biyu ana sha yadda aka tsara ba a ga kashi mai laushi ba, ko jinin ya dawo alhali kashin ya yi laushi, ko nauyinsa ya sauka ƙasa da kilo 14 ɗin nan, ki koma da takardar a hannunki a sake bincike.